Layin da Na Goge a Gonar Gwaggo

Kwamfutar ba tawa ba ce. Gara in faɗi wannan tun farko, don duk abin da na yi a kanta na yi shi. Wata cibiya ce a Funtua ta ba mu aro, mu da muka yi wata tara muna koyon rubuta manhaja bayan mun gama sakandare. Ranar da aka yaye mu, malaminmu ya karanto mana sharaɗin: wata huɗu aka ba kowa. Wanda ya kawo takarda daga wani kamfani cewa an ɗauke shi aiki, kwamfutar ta zama tasa. Wanda bai kawo ba ya dawo da ita, a miƙa wa 'yan aji na gaba. Ni kuwa idan babu ita, abin da na koya bai da inda zai zauna. Ba a rubuta manhajar kirki a waya mai fasasshen gilashi, kuma a gidanmu ko an sayar da hatsin rumbu duka ba kwamfuta za a saya ba.

Na koma ƙauyenmu, kusa da Ƙarfi. Babu wuta, sai shagon mai sola inda nake kai caji. Netwok kuma sai na je bakin makarantar firamare na zauna a kan dakali. Wata biyu na yi ina cike fom na neman aiki a kan dakalin nan. Kowane fom yana tambayar digiri, ni kuma ina da takardar sakandare da ta cibiya. Ko amsar “a'a” ba na samu. Shiru kawai.

Ana nan rani ya ja, aka fara sharar gona, sai na ga ƙanen babana, wanda muke kira Baffa, yana fama da wata manhaja a wayarsa. Ta hayar tarakta ce. Wani ƙaramin kamfani ne a Kaduna ya yi ta, bai daɗe da farawa ba. Za ka zagaya gonarka da waya a hannu, ta zana siffarta ta auna girmanta, ka zaɓi rana, tarakta ta zo ta yi maka haro. Baffa yana da hekta uku, ta karɓe shi nan take. Na ce ya ba ni in gwada da gonar Gwaggo, yayar babana, wadda mijinta ya rasu ya bar ta da yara huɗu da 'yar gona a bayan gari. Na zagaya, na dawo inda na fara, sai manhajar ta rubuto cewa gonar ba ta kai hekta biyu ba, ba za a turo tarakta ba.

Na tsaya a wurin na duba hagu da dama. Gonar Gwaggo tana manne da wasu shida, duk ƙanana, duk na mutanen da ba su da shanun huɗa, masu jiran sai mai shanu ya gama tasa da ta surukansa sannan ya waiwaye su, lokacin ruwan shuka ya riga ya wuce. Idan ka haɗa su bakwai ɗin sun haura hekta biyu. Abin a bayyane yake har ya ba ni haushi. Yaya mutum zai zauna a Kaduna ya rubuta manhajar noma bai san yawancin gonakinmu haka suke ba?

Lambar mai kamfanin tana ƙasan manhajar. A kan dakalin makaranta na rubuta masa. Na goge sau biyu, don na farkon gaisuwa ta yi masa yawa, na biyun kuma kamar faɗa. Wanda na tura ga shi, har yanzu yana wayata:

“Assalamu alaikum Yallaɓai. Ni mai rubuta manhaja ce daga ƙasar Malumfashi. Ba ni da digiri, wata tara na yi ina koyo, ga mahaɗin ayyukan da na yi ka duba. Na gwada manhajarku. Tana korar duk gonar da ba ta kai hekta biyu ba, kuma a nan su ne suka fi yawa. Shawarata ɗaya ce: idan ƙananan gonaki suna manne da juna, manhajar ta tattara su su zama aiki ɗaya, tarakta ta zo musu rana ɗaya. Zan iya rubuta wannan sashen. Ina so in shigo kamfaninku tun yanzu da yake ƙarami. Ka gwada ni sati uku, in bai yi ba ka sallame ni.”

Kwana biyar babu amsa. Har na cire rai. Rana ta shida ina tankaɗe sai waya ta yi ƙara, mai kamfanin ne.

“Malama, ke ce mai tattara gonaki?”

“Ni ce, Yallaɓai.”

“Kin san ko gaisuwar kirki ba ki yi mini ba, kika hau ni da gyara?”

“Na yi sallama ai.”

Ya yi dariya. Muryarsa ta mutum mai gajiya ce, ba babba ba ne can, ina jin bai wuce yayanmu ba. Ya ce su uku ne duka kamfanin: shi, da abokinsa da ke rubuta manhajar, da wata mai amsa waya. Taraktocin ma ba nasu ba ne, na masu su ne, su haɗa su da manoma kawai suke yi. Ya ce dokar hekta biyu ba mugunta ba ce, mai tarakta ne ba zai ƙona man zuwa ƙauye don rabin hekta ba. Na ce na sani, shi ya sa na ce a tattara. Ya ce sun taɓa tunanin haka, hannu ne babu.

“To ga hannu,” na ce.

Ya ce ya yarda da sati ukun. In rubuta, in gwada da gonakin ƙauyenmu. Idan tarakta ta zo ta yi aiki ta tafi lafiya, zai ɗauke ni, ni ce ta huɗu. Na gaya masa maganar takarda da kwamfuta ba tare da ɓoye-ɓoye ba. Ya ce, “Wannan ai mai sauƙi ne. Aiki ya yi kyau, ranar za ki samu takardarki.”

Saura sati bakwai wa'adina ya cika.

Ban taɓa yin aiki kamar na kwanakin nan ba. Da safe in zagaya gonaki da waya, da rana in zauna a shagon mai sola ina rubutu, ana cajin wayoyi a kaina, maza suna leƙowa suna tambaya ko fim nake kallo. Shawo kan masu gonakin ya fi rubutun wuya. Huɗu mata ne har da Gwaggo, sauran ukun sai da na bi ta wajen mazansu ko 'ya'yansu. Ɗaya tsoho ne mai ciwon ƙafa. Ɗaya malamin makaranta. Na bakwai shi ne ƙanen mijin Gwaggo, wanda gonarsa ke gabas da tata, don asalinsu gona ɗaya ce ta ubansu aka raba. Shi ya fi kowa saurin yarda, har da sa mini albarka.

Gwaggo ce ta ja da maganar. Ranar da muka zagaya tata tare, tana gaba ina biye, ta tsaya a gefen gabas inda gamba ta yi layi, tushe bayan tushe, busasshiya saboda rani. A wajenmu haka ake iyaka. Ba katanga, ba shingen waya, gamba ce ake dasawa a tsakani, a yanke ta da kaka a yi zana, tushen ya zauna shekara da shekaru.

“'Yar nan, motar taku ta san gamba?”

“Direba ne zai tuƙa, Gwaggo, ba aljani ba.”

“Marigayi ne ya dasa wannan da hannunsa, ranar da aka raba musu. Kin dai san halin mutumin can.” Ta nuna gabas da haɓa.

“Zan tsaya a wurin da kaina. Ba abin da zai taɓa ta.”

“Ke dai komai naki da gudu.”

Na san halin mutumin can. Kowa ya sani. Tun rasuwar wansa yake cewa an cuce shi a rabo, iyakar ta shigo masa. Abin da ya hana maganar tasiri shi ne gambar tana nan kowa yana gani.

Yanzu ga inda na yi ɓarnar. Zan faɗe ta dalla-dalla, don an daɗe ana cewa kuskuren inji ne, kuma ba shi ba ne.

Wayar hannu ba ta san wuri daidai-wa-daida ba. GPS ɗinta yana iya kaucewa da taku biyar, wani lokaci fiye. Idan gona babba ce wannan ba komai ba ne. Amma da na ɗora zanen gonaki bakwai a kan taswira, sai ga su suna hawa kan juna, wannan ta ci gefen waccan, wata kuma ta bar fili a tsakani wanda a ƙasa babu shi. Wannan ɗaya. Na biyu, manhajar da direba ke riƙewa siffa ɗaya take karɓa a kowane aiki. Na kira abokin mai kamfanin, mai rubuta musu manhaja, na ce ina so direba ya ga siffa bakwai a cikin aiki ɗaya.

“Wannan sai an taɓa ɓangaren direba,” ya ce. “Ki ba ni sati uku, ina da wasu gyare-gyare a gaba.”

“Sati uku an yi shuka an gama.”

“To ki jira baɗi mana, Hajiya. Gonar guduwa za ta yi?”

Ba ni da baɗi. Na kashe waya na zauna na rubuta abin da ya fi sauƙi: manhajar ta ɗauki gonakin da ke manne, ta narkar da su, ta fitar da layin waje kawai. Siffa ɗaya, kyakkyawa, ba hawa kan juna, ba rami. Layukan ciki suna nan ajiye a kwamfutata, don a san rabon kowa, amma direba ba zai gan su ba. Na tuna yadda na ji daɗi da na ga siffar ta fito fes. Ni da aka haifa a garin nan, ni da na sha ganin an kai ruwa rana a kan tushen gamba ɗaya, na kalli layukan nan a gilashi na ga datti ne da ya kamata a share. Akwai ma wani ɗan gurbi da ake rubuta wa direba bayani. Na bar shi fayau. Na ce ai ina wurin, da bakina zan gaya masa.

Mai kamfanin ya ga siffar ya rubuto, “Ma sha Allah, Malama.” Aka sa mana ranar Laraba.

Ranar Litinin da yamma aka yi ruwa mai kyau. Talata da sassafe na hau mashin zuwa Malumfashi, don akwai gyaran da zan tura kuma netwok ɗin dakali ya ƙi ɗauka tun da hadari ya taso. Ina zaune a wani shagon buga takardu, wajen ƙarfe sha ɗaya, sai Baffa ya kira.

“Kina ina?”

“Malumfashi.”

“To motarki ta zo.”

“Gobe ne, Baffa.”

“Ni dai ga ta ina gani. Ta ma kusa gamawa.”

Abin da ya faru, direban ya je wani aiki a kusa da mu, ya tarar gonar ta yi laka ba ta shiguwa. Ya duba wayarsa ya ga namu ne na gaba, ƙasarmu kuma jigawa ce ta sha ruwa daidai. Ya kira lambata bai samu ba, ina kan hanya. Sai ya bi taswira. Mutanen gari kuma ranar sun tafi jana'iza a ƙauyen da ke gaba da mu, babu kowa a bayan gari, sai da Baffa ya dawo sannan ya gan ta.

Ban san yadda na iso ba. Na sauka daga mashin na tarar da fili ɗaya, ja, shimfiɗe, daga bakin hanya har gindin ɗorawa. An yi haro mai kyau, wannan kam ba a cewa komai. Ya bi dogon layi daga gabas zuwa yamma, ya dawo ya gicciye. Tushen gamba duk ga su nan an daddatse, an watsa, saiwa a sama. Direban yana zaune a inuwar tarakta yana shan ruwa, wani dattijo mai furfura a gemu, ba ɗan yankinmu ba.

“Malam, ba ka ga gamba ba?”

“Na gani.”

“Ka gani ka bi ta kai?”

Ya ciro wayarsa ya miƙo mini. “Hajiya, duba. Gona ɗaya aka ba ni. Na ɗauka mutum ɗaya ne ya saye su ya haɗe, ana yi ai. Da an rubuta mini ko kalma ɗaya, da na kewaye. Ni ma ɗan manomi ne.”

Siffata ce a gilashin.

Washegari aka taru a gonar, da mai unguwa da dattawa. Na zo da kwamfuta a cikin jaka, ina ganin ina da hujja. Biyar daga cikin gonakin ba su ba da wahala sosai ba. Wannan ya ce daga kututturen can ne zuwa surin can, wancan ya ce haka ne, aka ja layi da ƙafa. An yi 'yan ƙunƙuni, malamin makaranta ya faɗa mini magana, amma an wuce. Da aka zo tsakanin Gwaggo da ƙanen mijinta, nan babu kututture, babu suri, babu dutse. Gambar ce kawai, kuma ta tafi.

Ƙanen mijin ya je ya tsaya a wani wuri ya kafa sandarsa. “Nan ne.”

Gwaggo daga inda take tsaye da mayafinta ta ce, “Ka ji tsoron Allah. Ka shigo gonar marayu.”

“Ni na kawo mota? 'Yar ɗan'uwanki ce ta kawo.”

Na ce ina da zanen. Mai unguwa ya ce in nuna. Na buɗe kwamfutar a kan gwiwata, rana tana haske gilashin, dattawa suka sunkuyo. Ga layin Gwaggo, ga nasa, amma sun hau kan juna, don ranar da na zagaya tata waya ta kauce gabas, ranar tasa ta kauce yamma. Na tura layin Gwaggo a waya na fara takawa, ina bin ɗigon da ke nuna inda nake. Na tsaya na ce nan ne. Kafin mai unguwa ya iso, ɗigon ya matsa da kansa ina tsaye. Na matsa na bi shi. Ya sake matsawa.

“Ranka ya daɗe, ka gani ko?” in ji ƙanen mijin. “Ɗazu can ta ce, yanzu nan. Mu ɗan jira, wataƙila an jima ta kai mu Musawa.”

Aka yi dariya. Har waɗanda ke bayan Gwaggo sai da suka murmusa.

Mai unguwa ya tambaye ni a hankali, “'Yata, abin nan naki zai iya rantsuwa a kan wuri ɗaya?”

Da na iya ƙarya da na ce e. Na ce, “A'a. Yana kaucewa da taku biyar ko fiye.”

“To rufe shi.”

Ƙanen mijin ya kawo mutum biyu da suke masa ƙwadago, suka ce inda ya kafa sanda nan suka saba tsayawa da noma. Gwaggo ba ta da kowa sai babban ɗanta da ke Kano wajen gyaran mashin, da babana, wanda ya ce tsakaninsa da Allah ba zai iya nuna wurin da ƙafa ba. Tsakanin inda ta nuna da inda ya nuna taku goma sha huɗu ne. Dattawa suka raba biyu, don a zauna lafiya. Taku bakwai, tsawon gonar gaba ɗaya, daga gonar da dama ba ta ciyar da su har kaka.

Gwaggo ba ta yi kuka ba, ba ta kuma zage ni ba. Da za ta wuce ta gabana cewa ta yi, “Kin ce za ki tsaya a wurin.” Ta tafi.

Ni na kira mai kamfanin kafin wani ya riga ni. Na gaya masa komai, har gurbin da na bari fayau. Da na gama ya tambaye ni.

“Me ya sa ba ki gaya mini layukan ciki suna da muhimmanci haka ba?”

“Na ɗauka zan kasance a wurin.”

“Malama, manhaja ai don ranar da ba kya wurin ake rubuta ta.”

Ya ce in ba shi kwana biyu. A cikin kwana biyun labari ya zaga. A kasuwa ana cewa akwai kamfanin da ke zuwa da waya ya auna gonar mutum, sannan ya turo mota ta share iyaka, daga baya gwamnati ta karɓe. Manoma uku manya a yankin suka soke aikinsu, har da Baffa, wanda ya ce ba zai iya haɗa ido da yayarsa ba idan aka ga motar a gonarsa. Mai taraktar kuma ya ce ba zai sake turo motarsa wajenmu ba, kada a ƙona masa.

Da mai kamfanin ya kira, ya fara da cewa shawarar tawa mai kyau ce, har yanzu yana kan haka. Daga nan na san sauran. Ya ce sun rufe sashen tattarawa. Ya ce a daminar nan yankinmu ne suke sa ran nuna wa masu zuba jari, ga shi ya lalace, shi kansa bai san ko kamfanin zai kai baɗi ba. Ba zai iya ɗaukar mutum na huɗu ba.

“Yallaɓai, ba albashi nake nema ba. Takardar kawai. Ka rubuta ka ɗauke ni, in yi muku aiki kyauta har in gyara abin da na ɓata. Na san gyaran. A nuna wa direba kowane layi, kuma kada aiki ya buɗe sai kowane mai gona ya tabbatar an kafa alama a iyakarsa.”

“Gyaran daidai ne. Amma ba zan sa hannu a kan na ɗauke ki alhali ban ɗauke ki ba. Abokina ma ya ce in kin shigo shi zai fita, kuma shi ne ya san cikin manhajar duka.”

“Shi ne fa ya ce in jira baɗi.”

“To da kin jira.”

Na so in yi masa rashin kunya, kalmomin suna bakina. Ban samu inda zan kama shi ba. Ya turo mini takarda, ya rubuta gaskiya: na yi gwajin sati uku da su, ina da ƙwazo da kaifin tunani. Na buga ta a Malumfashi na kai Funtua.

Malaminmu ya karanta sau biyu. Mutumin kirki ne, shi ya fara nuna mini yadda ake sa kwamfuta ta yi abin da ka ce.

“Wannan ba takardar ɗauka ba ce.”

“Na sani, Malam. Na ce ko za a duba.”

“Ba ni ke dubawa ba. Masu ba da kayan suna kiran kamfani su tambaya. Saura kwana nawa?”

“Goma sha tara.”

“Ki ƙara nema.”

Na nema. Na tura saƙo irin wancan ga wasu kamfanoni huɗu, kowanne da shawara ɗaya, amma hannuna ya riga ya mutu, ina rubutawa ina jin ƙarya nake. Ɗaya ya amsa da hoton babban yatsa. Sauran shiru.

A cikin kwanakin ne aka yi shuka. Na je taya Gwaggo ba tare da ta kira ni ba. Ta bar ni na yi, tana sara ina zuba iri ina rufewa. Gonar ta yi laushi, shukar ta yi sauri, abin da ya fi ci mini rai ke nan: haron ya yi amfani. Masarar gonakin bakwai ta riga ta kowa fitowa a shekarar. Ƙanen mijin yana wucewa ta ƙofar gidanmu ya ce wa babana a gaishe da injiniya.

Ranar da wa'adi ya cika na kwashe ayyukana a ɗan filashi, na goge komai nawa, na nannaɗe caja. A cibiyar na tarar da 'yan sabon aji a jere a kan benci suna jiran rabo, wata yarinya mai shuɗin hijabi tana ta kallon jakata. Malam ya buɗe, ya kunna, ya duba madannai ɗaya bayan ɗaya, ya ga ƙasa ja a tsakanin haruffa ya hure. Ya ce in riƙa zuwa ranar Asabar ina amfani da ta ofis in babu kowa a kai. Na ce to. Ni da shi mun san kuɗin mota daga ƙauyenmu zuwa Funtua duk sati ba abin da Baba zai ɗauka ba ne.

Na je sau biyu. Na farko babu wuta. Na biyu na zauna gaban kwamfutar, na buɗe aikina, na tarar sai na yi tunani kafin in tuna abin da da yatsuna ke yi da kansu. Ban sake komawa ba.

Yanzu ina koyar da 'yan aji biyu a wata makarantar kuɗi a Malumfashi. An sa ni darasin kwamfuta saboda takardar cibiya. Makarantar ba ta da kwamfuta ko ɗaya, a allo nake zana musu ita da alli, su kwafa a littafi, in bi in duba wanda ya manta bai sa mata wayar wuta ba.